Ranar da na fara aiki a kan tog a tashar Apapa

Kafin na taka tog da ƙafata, wato ƙaramin jirgin ruwa mai ƙarfi da ke taimaka wa manyan jirage shiga da fita tasha, abin da ke kaina shi ne motar janwe. Na ɗauka babban jirgi yana isowa bakin Legas ya kashe injinsa, ƙaramin jirgi ya ɗaura masa igiya ya ja shi har jeti, wato gaɓar da jirage ke jingina a ɗaure su, kamar yadda ake jan tirelar da ta mutu a hanyar Zariya. Da wannan tunanin na shiga aikin, kuma ya wahalar da ni sosai a makon farko, domin ina ganin ana yin abubuwa amma ban san dalilinsu ba. Ƙannena da ke karatu a makarantar horar da ma'aikatan ruwa ta Oron suna yawan tambayata yadda abin yake, shi ya sa na zauna na rubuta yadda ranar farko ta kasance, daga bakin ƙofa har zuwa sakin igiya.

Maganar takardu ba ta da tsawo, amma ita ce ke fara tsayar da mutum. Kamfanin da ya ɗauke ni koyon aiki ya nemi abu uku: shaidar horon farko na ma'aikatan ruwa, wato kashe gobara, ceton kai a teku, taimakon gaggawa da kiyaye lafiya a wurin aiki; takardar likita wadda ke aiki na shekara 2; da littafin ma'aikacin ruwa da NIMASA, hukumar kula da sufurin ruwa ta Najeriya, ke bayarwa, wanda a ciki ake rubuta kwanakin da ka yi a kan jirgi. Kuskurena shi ne na bar takardar likita sai daga ƙarshe, na zaci aikin wuni ɗaya ne. Akwai gwajin ido, har da na bambance ja da kore, akwai na ji, akwai na jini, sai da na koma sau biyu kafin na karɓa. Bayan su sai katin shiga tasha, wanda kamfani ne ke nema maka. Takalmin aiki mai ƙarfe a baki da safar hannu ni na saya da kuɗina, hular kwano da rigar ceto kuwa a kan tog aka ba ni. Duk wanda zai zo, ya fara da likita, ya kuma yi kwafin kowace takarda ya ajiye daban.

An ce in iso ƙarfe 5 na asuba, na iso da saura kwata. Tog ɗin bai fi mita 30 ba, gajere ne mai faɗi, goshinsa a lulluɓe da baƙar roba mai kauri da ake kira fenda. Wanda aka haɗa ni da shi shi ne bosin, shugaban masu aikin igiya, wani dattijo Bahaushe haifaffen Agege da kowa ke kira Baba. Bai tambaye ni makarantar da na yi ba. Ya kama hannuna ya kai ni gaban wincin da ke goshin tog, inda igiyar ja take a naɗe, kaurinta ya kusa damtsena, ya nuna min wani wuri da aka shafa wa fenti ruwan ɗorawa a ƙasa. Ya ce, "Yaro, in igiya tana da nauyi, nan ba wurin tsayuwa ba ne. Ko wa ya kira ka, zagaya ta baya." Na ce to, Baba. Daga nan sai jira. Jirgin da za mu shigo da shi yana can waje a anka, wato ya jefa ƙugiyarsa ƙasan teku yana jira, kuma ba ya motsawa sai failot ya hau, wato matuƙin tasha da ya san hanyar ruwan, sai kuma jetin da zai tsaya ya zama babu kowa. Mun yi sallar asuba, mun sha shayi, gari ya waye, rana ta ɗaga, ba a kira mu ba sai wajen ƙarfe 9. A wannan jiran ne Baba ya warware min abin da ya ɗaure min kai.

Ya ce babban jirgi ba ya kashe injinsa, da ƙarfinsa yake shigowa. Matsalarsa ita ce sitiyari. A bayan farfela akwai wani faffadan allon ƙarfe, shi ne ke karkata jirgi, kuma ba ya aiki sai ruwa yana gudu a jikinsa. A tsakiyar teku, inda jirgi ke gudu sosai, ɗan karkata shi kaɗan ya isa. Amma a cikin tasha dole a rage gudu, kuma gwargwadon raguwar gudu gwargwadon mutuwar sitiyari. Idan jirgi ya sauko zuwa not 2 ko 3, kuma not ɗaya bai kai kilomita 2 a awa ba, iska da igiyar ruwa sun fi matuƙi iko da shi. To a nan tog ke shigowa. Aikinmu ba kai jirgi gaba ba ne, aikinmu shi ne mu riƙe goshinsa da bayansa, mu tura ko mu ja su gefe, mu zama sitiyarin da ya rasa da birkin da bai da shi. Da na fahimci wannan, duk abin da na gani a ranar sai ya zauna min daram.

Da aka kira mu ta rediyo, mu biyu muka fita, mu da wani tog. Mashigar Legas tana tsakanin dogayen shingayen duwatsu guda biyu da suka miƙe cikin teku, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma wajen Tarkwa, kuma mai shigowa yana barin jajayen alamu a hagunsa, koraye a damansa. A cikin shingen muka tare shi, inda ruwa ya lafa. Jirgin kwantena ne mai tsawon mita 260, kuma a cikin bayanin da failot ya ba kyaftin ɗinmu, nauyinsa da kayansa ya kai kimanin tan 60,000. Daga ƙasa inda nake tsaye ba ka ganin komai sai bangon ƙarfe da ya tokare sama. Failot ya raba aiki: ɗayan tog ya kama gaba, mu mu kama baya. Ya kuma faɗi tsarinsa tun kafin a fara, cewa za a juya jirgin ta dama a gaban Apapa, goshinsa ya koma kallon teku, sannan a jingina gefensa na dama da jeti. Kyaftin ya maimaita maganar kalma bayan kalma. Haka ake yi da kowane umarni, duk abin da failot ya faɗa sai an maimaita masa, domin ya tabbatar abin da ya fita daga bakinsa shi ne ya shiga kunnenka.

Ɗaura igiya shi ne mataki na farko, kuma ba a fara shi sai jirgi ya rage gudu. Kyaftin ɗin tog na gaba ya ƙi matsawa sai da failot ya tabbatar masa sun sauko ƙasa da not 6. Daga baya na gane dalili. Jirgi mai tafiya yana ture ruwa a goshinsa yana kuma zuƙo shi a gefensa, ƙaramin jirgin da ya shiga wurin zai iya jin an hankaɗa shi waje, nan take kuma a fizgo shi ƙarƙashin goshin. Ƙarfin wannan fizga yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, don haka not 8 da not 4 ba kusa suke ba ko kaɗan. Mu na baya abin da muke fama da shi shi ne ruwan da farfelar jirgin ke watsowa, wanda ke kaɗa tog hagu da dama. Kyaftin ya lallaɓa har muka zo dab da bayansa. Ma'aikatan jirgin suka jefo siririyar igiya mai dunƙulen ƙulli a baki, ta faɗo kan bene kusa da ƙafata. Baba ya ɗaura ta da igiya matsakaiciya, ita kuma tana haɗe da babbar igiyarmu. Suka ja da wincinsu har babbar ta hau, ta shiga ta ramin ƙarfen da ke tsakiyar bayan jirgin, suka rataya bakinta a turken ƙarfe, jami'insu ya ɗaga hannuwa ya gicciye su alamar an ɗaure. Kyaftin ya tambayi nauyin da turken zai iya ɗauka, aka faɗa masa, domin tog ɗinmu yana iya jan tan 60, kuma turken da bai kai haka ba tumɓuke shi za a yi.

A nan ne na yi kuskuren da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Siririyar igiyar ta rage a yashe a kan bene, na sunkuya in tattara ta, ban lura na shiga wurin fentin nan ba, daidai lokacin da kyaftin ke ja da baya don igiya ta ɗauki nauyi. Sai na ji an fincike ni ta wuyan rigar ceto. Ina ɗagowa na ga babbar igiyar ta miƙe daga ruwa ta zama kamar sanda, ruwa yana tsartuwa daga jikinta, tana wata ƙara ƙasa-ƙasa. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka ga yadda take matse ruwa? In ta tsinke a haka, dawowa take yi ta inda ta fito, kuma ba a ganin zuwanta." Daga lokacin aka kore mu duka daga goshi, muka koma bayan ɗakin tuƙi aka rufe ƙofofin ƙarfe.

Failot ya zaɓi shigowa ne a ƙarshen cikar ruwa. A Legas teku na cika ya janye sau biyu a yini, bambancin tsayin bai wuce kimanin mita ɗaya ba, amma saboda duk ruwan tafkin Legas ta wannan ƙofa ɗaya yake shiga da fita, gudunsa ba abin wasa ba ne, musamman da damina. Ruwan yana tura jirgin daga baya, kenan yana son ya fi gudun da ake so. Idan failot ya tsayar da farfela don ya rage gudu, sitiyari ya mutu. Maganin shi ne mu. Muka miƙe a bayansa muna ja da rabin ƙarfi, shi kuma ya bar injinsa yana juyawa a hankali, sai ya zama ruwa na gudu a kan allon sitiyarinsa amma gudun jirgin ba ya ƙaruwa. Wanda ke kallo daga Marina zai ga kamar jirage biyu na jayayya, alhali abu ɗaya suke yi.

Kyaftin ya bar ni na hau ɗakin tuƙi na tsaya a kusurwa. Babu sitiyari irin na mota. Hannaye biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne yana sarrafa farfela ɗaya da ke ƙarƙashin bayan tog, kuma kowace farfela tana iya juyawa ta fuskanci kowane ɓangare. Shi ya sa tog irin namu ke tafiya gaba, baya, ko a kaikaice kamar ƙaguwa. Na tambayi Baba daga baya me ya sa aka rufe ƙofofi, ya ce al'ada ce da aka saya da rayuka. Tsofaffin tog suna ja ne da ƙugiya da ke tsakiyarsu, idan jirgi ya yi gaba da sauri igiya ta koma gefen tog, sai ta kwantar da shi, ruwa ya shiga ta ƙofa, cikin ɗan lokaci ya kife. Namu da ke ja ta goshi bai cika faɗawa wannan ba, amma duk da haka akwai jan maɓalli kusa da hannun kyaftin wanda ke sakin winci nan take, kuma an gwada shi da asuba a gabana. Alamar haɗari ita ce tog ya karkata ya ƙi dawowa, ruwa ya fara hawa gefen bene.

Wurin juyawa shi ne inda aikin ya yi daɗi. Abin da aka saba shi ne a so faɗin wurin ya kai tsawon jirgi ɗaya da rabi zuwa biyu, wato jirginmu na son wajen mita 400 zuwa 500, kuma ba faɗin ruwan da ido ke gani ake nufi ba, faɗin inda zurfi ya isa. Failot ya sa injin baya har jirgin ya kusa tsayawa cik. Yawancin jirage masu farfela ɗaya, in sun yi baya, bayansu na zamewa hagu goshinsu ya yi dama, shi ya sa ya zaɓi juyawa ta dama, don jirgin da kansa ya taimaka. Ya umarci na gaba ya ja goshi dama, mu mu ja baya hagu. Kamar mutum biyu ne suka kama bakin doguwar gora, kowa ya tura nasa ɓangaren, ta juya a tsakiyarta.

Da farko babu abin da ya faru. Injinmu na ruri, hayaƙi na tashi, ruwa na tafasa, amma bayan jirgin ko gezau. Kyaftin ya dubi ruwan da farfelunmu ke watsawa, ya ga yana dukan jikin jirgin kai tsaye, sai ya saki winci ya ƙara tsawon igiya da kusan tsawon tog ɗaya, ya ɗan kauce. Nan da nan bangon ƙarfen ya fara biyo mu. Abin da ya faru shi ne igiyar ta yi gajarta, muna jan jirgin da igiya muna kuma tura shi da ruwanmu, hannun dama na kwance abin da hagu ya ɗaura. Ya fi muni idan jirgi ya yi lodi kuma ruwan ƙarƙashinsa kaɗan ne, don ruwan ba ya samun hanyar wucewa ta ƙasa. Duk lokacin da ka ji inji na kuka jirgi bai motsa ba, fara duba inda ruwanka ke zuwa.

Lissafin da ya fi zauna min shi ne wannan. Ƙarfinmu tan 60 ne, jirgin tan 60,000, ɗaya cikin dubu kenan. Ga kuma ruwan da ke gefensa wanda dole a ture tare da shi. Don haka yana ɗaukar lokaci kafin ya fara motsi, kuma kusan irin wannan lokacin yake buƙata kafin ya tsaya. Juyin ya zauna a wajen digiri 15 a minti, rabin zagaye kenan a minti 12. A ido kamar ba ya tafiya, amma bayan jirgin na nesa da tsakiyarsa da mita 130, saboda haka yana share fiye da rabin mita a kowace daƙiƙa, ga jeti da jiragen da ke ɗaure a wurin. Jami'in da ke bayan jirgin yana ta kiran tazarar da ta rage ta rediyo. Tun da saura kusan digiri 30 juyin ya cika failot ya ce mu tsaya, jim kaɗan ya ce mu koma ɗaya gefen mu riƙe. Ni a raina na ce ai bai gama juyawa ba. Sai ga shi jirgin ya ci gaba da kansa, ya zo ya tsaya daidai da layin jeti, goshinsa na fuskantar ruwan da ke shigowa, wanda shi ne yadda ake son a jingina jirgi.

Saura turawa. Muka naɗe igiya ta gajarta, muka zo gefensa na hagu, kyaftin ya ɗora fenda a hankali daidai inda aka zana kibiya a jikin jirgin. Ba ko'ina ake turawa ba, wuraren da aka yi wa alama su ne masu ƙashi a ciki, in ka tura a wani wuri za ka loɓa ƙarfen. Ana cikin haka sai hadari ya taso, iska ta fara kaɗawa. Jirgin kwantena kamar bango yake ga iska. Tsawon mita 260 da tsayin kusan mita 20 daga ruwa zuwa saman kaya ya ba da wajen murabba'in mita 5,000. Ƙa'idar da masu aikin ke amfani da ita ita ce ka ninka gudun iska da kansa, a mita cikin daƙiƙa, ka raba da 18, abin da ya fito shi ne tan a kan kowane murabba'in mita 1,000. Iska mai gudun mita 10 tana danna jirginmu da kimanin tan 28. In ta kai 15 ya zama tan 62, ya wuce duk ƙarfin tog ɗaya. Ranar iskar tana tura jirgin ne zuwa jeti, don haka maimakon turawa sai aka ce mu ja da baya mu riƙe. Wannan shi ne amfanin barin igiya a ɗaure ko da turawa za ka yi: cikin ƙanƙanin lokaci mai turawa ya koma mai ja. Ana son jirgi irin wannan ya taɓa jeti a gudun da bai wuce santimita 10 zuwa 15 a daƙiƙa ba, kuma gaba da baya su iso tare. Mita 20 na ƙarshe sun ci mana fiye da minti 10, failot na cewa na gaba ƙara kaɗan, na baya sassauta, har na ga robobin jeti sun lotsa a hankali ba tare da wata ƙara ba.

Ko bayan ya taɓa ba mu tafi ba. Muka dawo muka danne shi da jeti har aka gama ɗaure igiyoyinsa gaba da baya, kusan rabin awa. Abin da zan gaya wa mai zuwa bayana kaɗan ne. Ka saurari rediyo ko da ba da kai ake ba, don umarnin failot shi ke gaya maka igiya za ta ɗauki nauyi kafin ta ɗauka. Ka riƙa kallon tazarar da ke tsakanin jirgi da wani abu tsayayye, kamar ƙafar kuren ɗaga kaya da ke kan jeti, domin ta nan ake gane motsi, ba ta kallon jirgin kansa ba. Kada ka sa ƙafa cikin lanƙwasar igiya ko da a kwance take. In kuma ba ka gane dalilin wani umarni ba, ka bi, ka riƙe tambayarka sai an dawo jeti.

Da failot ya sallame mu, Baba ya fita goshi ya yi wa ma'aikatan jirgin alama da hannu su sauko da igiyar sannu a hankali da matsakaiciyar, kada su sake ta gaba ɗaya, don igiyar da ta faɗa ruwa farfela take nema. Ta sauko, winci ya naɗe. Ya sa ni na bi ta taku bayan taku ina shafawa da hannu, musamman wurin da ya gogi ramin ƙarfen jirgin, ya nuna min inda zaren ya yi sheƙi ya taurare saboda zafin guga, ya ce a matsar da rigar da ke kare igiyar daga guga zuwa wurin kafin aiki na gaba. Muna cikin ɗaure ta sai rediyo ya sake kira, wani jirgi zai fita daga tashar Tin Kan ƙarfe 2.